Daga amayid zuwa esta: me ya sa hanyar ba ta komawa?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a fannin harhaɗa magunguna a nan Jidda. Na haddace jerin nan, asid kulorayid, anhaidirayid, esta, amayid, amma ban gane dalilinsa ba. Me ya sa esta ke komawa amayid, amma amayid ba ya komawa esta? Kuma asfirin da muka haɗa ya fito ɗan kaɗan."

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara shida na yi ina shirya wa ɗalibai kayan gwaji a garin nan, kuma tambayoyinka biyu tushensu ɗaya.

Duka huɗun suna da C=O, kuma hari iri ɗaya ake kai musu. Niyukiliyofayil ya kama kabon, kabon ya riƙe abu huɗu na ɗan lokaci, sannan C=O ta dawo ta kori ɗaya. Wa za ta kora? Wanda ya fi iya zaman kansa, wato mafi raunin bes. Dubi pKa na asid ɗin kowannensu: HCl wajen -7, CH3COOH wajen 4.8, alkohol wajen 16, NH3 sama da 35. Cl⁻ ko sallama ba ya jira. NH2⁻ kuwa ya kafe kamar mai gida. Ƙari a kan haka, naitirojin na amayid yana tura wa kabonil ilektiron ɗinsa sosai, sai kabon ya ƙoshi, ba ya marmarin baƙo. Kulorin ba ya iya wannan ciyarwar, janyewa ma yake yi.

Saboda haka idan RO⁻ ya kama amayid, kabon zai zaɓi tsakanin RO⁻ da NH2⁻, sai ya kori baƙon, ka koma inda ka fara. Gangara ce: kulorayid yana ba ka sauran ukun, anhaidirayid yana ba ka esta da amayid, esta yana ba ka amayid. In hawa kake so, zagaye za ka yi. Ka tafasa amayid da HCl mai ƙarfin 6 M na awoyi har ya zama RCOOH. Wannan yana tafiya ne domin amin ɗin da ya fita yana zama amoniyom, ba ya iya dawowa. Sai ka sa SOCl2, wanda ke ba ka RCOCl, SO2 da HCl su tashi a iska. Daga nan ka zuba alkohol da firidin, ga esta.

Yanzu asfirin ɗinka. Abin da littafi ba ya nanatawa shi ne ruwa ma niyukiliyofayil ne, kuma Jidda a bakin Bahar Maliya take. Ka buɗe kwalbar CH3COCl a watan Agusta ka ga farin hayaƙin HCl, danshin iska kawai ya ishe ta. Anhaidirayid ya fi haƙuri, shi ya sa ake ba ɗalibai shi, amma shi ma a hankali yake komawa asetik asid.

Haka ta faru da ni wata shekara. Giram 2 na salisilik asid, mililita 5 na asetik anhaidirayid, ɗigo biyar na H3PO4, a ruwan zafi mai digiri 80 na minti 15. A lissafi giram 2.6 ne iyakar abin da zai fito, kuma anhaidirayid ya ninka buƙata fiye da sau uku. Amma rukuni bayan rukuni suka kawo mini farin gari wanda da an ɗiga masa FeCl3 sai ya rine shunayya mai duhu. Wannan launin na finol ne, ma'ana OH na salisilik asid yana nan ba a taɓa shi ba. Asfirin mai tsabta ba ya yin haka, kuma yana narkewa a wajen digiri 135, nasu kuwa ya fara laushi tun kafin nan. Na zargi yaran, Allah ya yafe mini. Ashe tsohuwar kwalba ce mai fasasshen murfi da ta kwana watanni a kabad. Asetik asid yana ƙasan gangara, ba zai manna wa finol komai ba a minti 15. Hanci ba zai taimake ka ba, dukansu warin binega suke yi. Ka ɗiga kaɗan a ruwan sanyi: anhaidirayid mai kyau yakan nutse ya zauna kamar ɗigon mai kafin ya narke, lalatacce kuwa nan take yake gauraya.

Ka duba kwalbarku da wannan, ka kuma tuna ko fulas ɗinku a bushe yake lokacin da kuka fara. Yawancin ɗalibai suna wankewa su zuba kaya a jiƙe.

In an kawo ku haɗa amayid daga RCOCl, ka sa amin ninki biyu, ko ka ƙara Et3N. In ba haka ba, HCl da ke fita zai cinye rabin amin ɗin, a kashi 50 cikin 100 za ka tsaya.