Injin ɗab'i da karatun talaka

"Malamai, shin da Gutenberg ya ƙera injin ɗab'i, nan take talakawan Turai suka samu damar koyon karatu?"

A'a, ɗan'uwa, abin ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Baibul ɗin da ya buga a birnin Mainz na Jamus wajen 1455 kwafi 180 ne ko kusa da haka, kuma kuɗin guda ɗaya ya kai albashin akawu na kimanin shekara uku. Majami'u da attajirai ne suka saya. Sauƙin ya zo ne ta hanyar yawa. A birnin Florence na Italiya a 1483, maɗaba'ar Ripoli ta karɓi fulorin 3, wato tsabar zinariyar birnin, kan kowane ƙunshin takardu biyar na wani littafin Plato, masanin falsafar Girka, alhali mai kwafa da hannu fulorin 1 zai karɓa. Sai dai shi kwafi ɗaya zai ba ka, ita kuwa ta fitar da 1,025.

Amma arhar littafi ba ta koya wa yaro baƙi. Yawancin littattafan farko da Latin aka buga su, harshen da manomi ba ya ji, ga kuɗin malami, ga asarar aikin da yaron zai yi a gona, wadda a ganina ita ce ta fi nauyi. Shi ya sa 'ya'yan fatake da masu sana'a a birane suka fara amfana. Mutanen ƙauye ta kunne ilimin ya riske su: ƙananan ƙasidun Jamusanci na Martin Luther, malamin addinin Kirista, wajen 1520, mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi jama'a na sauraro. Ko a tsakiyar ƙarni na 17, kusan kashi biyu cikin uku na mazan Ingila ba sa iya rubuta sunansu.