Ƙarin kuɗin gyaran mota ga inshora

Tambaya: An bugi motata a Zoo Road, gyaranta naira 300,000. Mai gyara ya ce mu rubuta 500,000, mu haɗa da tsohuwar lotsawar ƙofa. Akwai matsala?

Akwai, Malam. Kamfanin inshora zai turo mai duba ɓarna kafin a taɓa motar. Tsohuwar lotsawa ba ta ɓuya: tsatsa ta kama bakinta, sabuwa kuwa ƙarfenta fes yake, wani lokaci har da fentin motar da ta buge ka. Farashin kaya ma, waya ɗaya zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ta isa.

In suka gano ƙarya, ba 200,000 ɗin kaɗai za su cire ba. Sharaɗin zamba da ke takardar inshorarka ya ba su damar hana ka duka, har 300,000 na gaskiya, su soke yarjejeniyar, suna iya miƙa maganar ga 'yan sanda. Sa hannunka ne a fom ɗin, ba na mai gyara ba.