Kafin ki biya cikon kuɗin mai hoto

"Anti, mai hoton bikina ya turo hotuna, kowa yana yabawa, amma ni ban gane fuskata ba. In biya shi cikon kuɗinsa?" Amarya, Zariya

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, idonki bai yi miki ƙarya ba. Dakata da biya tukuna. Ki ce ya turo miki hoto biyu ko uku yadda kyamara ta ɗauke su, tare da waɗanda ya gyara, kuma ya aiko ta Document a WhatsApp, domin turawar da aka saba tana matse hoto har ƙananan alamu su ɓace.

Ki buɗe na asali da gyararren, ki ja kumatu su cika fuskar waya, ki riƙa komawa daga wannan zuwa wancan. Fatar mutum tana da 'yan ramukan gumi, da ɗan layi a ƙarƙashin ido da gefen baki in an yi murmushi. Gyara mai kyau yana cire ƙurji ya bar waɗannan. In duk sun tafi, fuska ta yi sumul kamar ta 'yar tsanar roba, to an wuce gona da iri. Sannan ki dubi wuya da kunne da hannun da aka yi wa lalle. Mai gaggawa fuska kawai yake haskawa, sai ki ga launi biyu a jiki ɗaya.

In ya ce na asalin ya ɓata, kada ki yarda da sauri. In da manhajar gyaran hoto ta Lightroom ya yi aikin, ita ba ta canza hoton asali, maɓallin \ kawai zai danna ya nuna miki shi. Ki nemi ya rage gyaran, sannan ki biya.

"Na ga hoton wata kafin da bayan shan shayin rage tumbi, sati biyu kacal. In saya?" Uwargida, Kaduna

Kada ki saya! Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ki bar kallon ƙugun matar, ki kalli bayanta. Manhajar da ake matse ƙugu da ita ba ta san jiki daban, bango daban ba, duk abin da ke kusa tare take janyowa. Gefen ƙofa zai lanƙwashe daidai ƙugu, layin tayil ya karkace, zanen atamfa ya miƙe a gefe guda ya tsuke a ɗayan. Ƙofa dai ba ta shan shayi. Ko babu lanƙwasa, duba tsayuwa da haske: na farko an saki ciki a ɗaki mai duhu, na biyu an shanye shi an tsaya bakin taga. Da haka ake raba mata da kuɗin cefane, su ɗura wa cikinsu abin da ko lambar NAFDAC babu.

"Wace manhaja zan saya don in yi fari a hoto?" Matashi, Gusau

Babu. Riƙe kuɗinka, ka fuskanci taga a ɗauke ka da hasken safe.