Sodiyam ɗin da ke jikin gorar ruwa zai iya yi wa mai hawan jini illa?

"Salam 'yan gida, Hajiyarmu na da hawan jini, likita ya ce a rage mata gishiri, sai na ga an rubuta Sodium a jikin ruwan gorar da muke sayo mata. Mu daina ne?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kar ku daina tukuna, lambar da ke gaban rubutun za ki duba. Ni sarin ruwa nake yi, kuma mahaifina ma ciwon ke gare shi, shi ya sa duk katan ɗin da ya shigo shago sai na juya gora na karanta.

Za ki ga mg/L a gefen lambobin, wato miligiram nawa ne a cikin lita ɗaya, ba a cikin gorar ba. A ce an sa 10, gorar kuma 75cl ce, to miligiram 7.5 kenan in ta shanye tas. Ko lita 2 ta sha a wuni 20 ne kacal, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya kai 2,000 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri. Kin ga ashe tukunyar miya da dunƙulen magi su ne abin sa wa ido.

Amma fa akwai ruwan da zan ce ki kiyaye. Irin na waje mai gas ɗin nan da ake samu a manyan kantuna, Vichy Célestins na Faransa misali, sodiyam ɗinsa ya haura 1,100 a lita, lita ɗaya ta cinye fiye da rabin na wuni guda, kuma da kin kurɓa za ki ji gishiri-gishiri a harshe. Duk wanda kika ga ya wuce 200 a lita ki mayar da shi inda kika ɗauko.

Sai maganar asalin ruwan. In an rubuta Table Water yawanci na burtsatse ne aka tace a masana'anta, ba laifi ba ne, sai dai tacewar kan kwashe ma'adanan, shi ya sa da yawansu ba sa ma sa jadawalin ma'adanan a jikin gora. Wanda ya ce na maɓuɓɓuga ne kuwa ya kamata ya faɗi wurin, kamar Swan da ke fitowa daga Kerang a ƙaramar hukumar Mangu ta Filato. Hoton dutse da ƙorama ba hujja ba ce wallahi, na sha ganin mai irin hoton nan adireshinsa kuma yana tsakiyar gari.

Kafin ki biya ki tabbatar da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, murfin ma ki murɗa ki ji zoben ya ɓalle a hannunki. In kuma Hajiya na da matsalar ƙoda, ki ɗauki hoton jadawalin ki nuna wa likitanta, don a nan har fotasiyam da yawan ruwan da za ta sha sai an ƙayyade mata.