Tanadin bashi da shekarun motoci: yadda ake gane an karkatar da ƙiyasi

Tambaya: "Yaya, muna binciken asusun wani dilan fulawa da sukari. Ana bin kwastomominsu naira miliyan 500, sun ware miliyan 20 na bashin da ba zai dawo ba. Akantansu ya ce ai ƙiyasi ne, ba wanda ya san gaibu. Kuma bana sun mayar da shekarun aikin tireloli daga 5 zuwa 8. Ta ina zan kama?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. 

To, akantan ya yi gaskiya, ba wanda ya san gaibu sai Allah. Amma ba gaibu aka aike ki dubawa ba. Abin da ISA 540, ƙa'idar duniya kan yadda mai binciken asusu ke duba ƙiyasi, ya ɗora miki shi ne ki duba hanyar da suka bi, da bayanan da suka ɗora lissafin a kai, da zaton da suka yi. Kuma wurin farawa mafi sauƙi shi ne bara. Ki buɗe fayil ɗin shekara biyu ko uku da suka wuce, ki ajiye abin da suka ware a gefe, abin da ya mutu da gaske a ɗaya gefen. A ce bara sun ware miliyan 18, aka tashi aka tarar miliyan 31 ta salwanta, bara waccan sun ware 15, aka rasa 26. Kuskure na gaskiya yakan faɗi nan yau, gobe ya faɗi can. In kullum ɓangare ɗaya yake faɗawa, kuma ɓangaren da ke ƙara riba ne, to kin fara ganin hannun mutum a ciki. Wannan waiwayen ba ganin dama ba ne, ISA 240, ƙa'idar da ta shafi zamba a binciken asusu, ma ya wajabta shi.

Sai ki karɓi jadawalin tsufan bashi, wato jerin da ke nuna kwana nawa kowane bashi ya yi ba a biya ba. Kada ki yarda da shi yadda aka miƙo miki, nan ne aka fi yin wasa. Ki zaɓi takardun kaya kamar talatin daga rukunin 'yan kwana 30, ki bi su har takardar fitar kaya daga sito da sa hannun direba. Akwai dabarar da ake yi dab da ƙarshen shekara: a soke tsohuwar takarda, a buga sabuwa da kuɗi iri ɗaya, bashin wata takwas ya wayi gari ɗan kwana goma. In kin ga an soke takardu da yawa a Disamba, ki tsaya a wurin ki yi tambaya. Wata kuma, kwastoma ya kawo ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai a mayar da duk bashinsa rukunin masu biya.

In jadawalin ya tsaya da ƙafarsa, sai ki yi naki lissafin. Bari in ba ki misali da miliyan 500 ɗin nan, alƙaluman nawa ne, ke za ki sa na gaske. A ce miliyan 250 ba ta wuce kwana 30 ba, tarihi ya nuna ana rasa kashi 1 cikin ɗari, miliyan 2.5 ke nan. Miliyan 150 tana tsakanin kwana 31 da 90, kashi 4, miliyan 6. Miliyan 60 ta kai har kwana 180, kashi 15, miliyan 9. Ragowar miliyan 40 ta haura wata shida, kashi 40, miliyan 16. Jimla 33.5. Tunda ƙiyasi ne, ba za ki kafe a kan lamba ɗaya ba, za ki ce hujja tana goyon bayan wani abu tsakanin 30 da 37, misali. Su suna kan 20. Ratar da ke tsakanin 20 ɗinsu da bakin iyakarki na kusa, wato aƙalla miliyan 10, ita za ki rubuta a jerin kurakuran da ba a gyara ba. Sai ki auna ta da ma'aunin girman kuskure da kuka tsayar tun farkon aiki.

Amma ki lura da kason nan na tarihi. Akwai kamfanin da ba ya taɓa share bashi daga littafi, saboda maigidan yana jin nauyin Alhaji wane, abokin mahaifinsa ne. Irin wannan, tarihinsu zai nuna kusan ba sa asara, alhali matattun basussuka suna kwance shekara uku. Don haka kada ki dogara da abin da aka share, ki bi abin da aka karɓa. Ki ɗauki takardar banki ta Janairu zuwa ranar da kuke aikin, ki ga a cikin miliyan 40 ɗin can nawa ya shigo. Ki duba kuma ko wanda ya biya ɗin ba sabon kaya aka ba shi bashi ya sayar ya rufe tsohon ba. Sannan IFRS 9, ƙa'idar rubuta asusu da ta shafi tanadin bashi, tun 2018, bai yarda a tsaya kan tarihi kaɗai ba, dole a duba halin da ake ciki da abin da ake hange. In kasonsu na shekarun kafin a saki naira a Yunin 2023 ne, kuma ba su taɓa shi ba duk da tashin farashi da kuɗin ruwa, ki ce su nuna miki dalili a rubuce.

Maganar tireloli kuwa, canza shekaru ba laifi ba ne. IAS 16, ƙa'idar rubuta asusun kadarori irin su motoci, ma cewa ya yi a riƙa sake dubawa aƙalla kowace ƙarshen shekara. Amma ki fara lissafa abin da canjin ya haifar. A ce an saye su miliyan 600, sun yi shekara 2, saura miliyan 360 a littafi. Da a kan shekara 3 za a raba, miliyan 120 duk shekara. Yanzu a kan 6 za a raba, miliyan 60. Ribar bana ta ƙaru da miliyan 60 ba tare da an sayar da ƙarin buhu ko ɗaya ba. To me ya canza? An sauke musu injin? An rage musu hanya? Ki je wurin shugaban makanikai, ba ofishin akanta ba, ki ga littafin gyara. Ki duba motocin da suka sayar a baya, shekara nawa suka yi, kuma riba aka ci ko faɗuwa. In kullum suna rabuwa da mota a shekara ta biyar da faɗuwa, shekara 8 ba ta da gindin zama. Wannan hanyar ce kamfanin kwashe shara na Amurka, Waste Management, ya bi: ya tsawaita shekarun motocinsa, ya kumbura kuɗin da za a samu in an sayar da su, har a 1998 ya sake fitar da asusu da gyaran kusan dala biliyan 1.7. Masu binciken nasu, Arthur Andersen, sun ga abin, sun rubuta, suka bari ya wuce, daga baya aka ci su tarar dala miliyan 7.

Yanzu ki jera su a shafi ɗaya: tanadin bashi, shekarun motoci, ki ƙara da tanadin kayan da suka lalace a sito. Kowanne ki rubuta bara, bana, da ɓangaren da ya tura riba. Zai yiwu kowanne shi kaɗai a iya kare shi, amma in duka ukun sun kwanta gefe ɗaya, sai ki nemo abin da ke jan su. Ki karanta yarjejeniyar rancen banki ko akwai sharaɗin riba, ki duba ko ladan manajoji ya rataya a kan riba. Wani lokaci ma ƙasa ake turawa, sabon manaja ya cika tanadi bana don ya saki baɗi a ce ya farfaɗo da kamfani.

Kuma don Allah kada ki rubuta a fayil cewa sun yi maguɗi. Alamar karkata ba ita ce hukunci ba. Ki rubuta abin da kika gani da lambobinsa, ki kai wa manajan aikinku kafin ki koma wurin akantan, shi zai san ko maganar za ta je gaban kwamitin binciken kuɗi na kamfanin.