Ni ke biyan komai, amma ta ce na bar mata gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗan Tawa ne, ina aiki a Yamai, muna haya a Banifandu. Matata malamar lakwal ce, yaranmu 3: mai shekara 7, mai shekara 4 da jinjira mai wata 8. Haya, cefane, wuta, ruwa, magani, duk ni ne, albashinta ban taɓa tambaya ba. Amma tun da ta koma aiki take cewa na bar mata gida ita kaɗai. Mahaifiyarmu ta raine mu mu 8, ban taɓa ganin Baba ya ɗauki tsintsiya ba. Ina laifina?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Bari mu fara da gidan Baba, tunda can ne ma'auninka. Na yarda ba ka taɓa ganinsa da tsintsiya ba, amma ka tuna abin da ka gan shi da shi. A gidan Adar na da, namiji ne ke noma geron da ake ci, shi ke yaɓen ɗaki kafin damina, shi ke gyaran rumbu da darni, shi ke neman harawar dabbobi, kuma da yaro namiji ya tasa sai ya bi shi gona, ya fita daga hannun uwa tun safe. Wannan duk aikin gida ne, na ƙarfi da na lokaci. Ita kuma Inna ba ita kaɗai ke tsakar gida ba. Akwai kishiya ko matar ƙanen miji da ake kwanan girki da ita, akwai kaka da ake ajiye wa jinjiri, akwai ƴanmata masu daka da ɗaukar goyo. Yara 8 ɗin nan hannu da yawa ya raine su.

Da kuka dawo birni, rabon nan bai taho da ku yadda yake ba. Kason namiji ya koma kuɗi: buhun shinkafa ya maye gurbin gona, kuɗin haya ya maye gurbin yaɓe, tukunyar gaz ta maye gurbin itace. Da albashi ya faɗo, cikin yini ɗaya kana iya sauke nauyin wata guda. Kason mace kuwa bai koma kuɗi ba, yana nan a lokaci, kuma hannuwan da ke taya Inna ba su biyo matarka gidan haya ba. A kan wannan aka ɗora mata aji cike da yaran mutane. Shi ya sa kai kana ganin ka cika, ita tana ganin an bar ta, kuma babu mai ƙarya a cikinku: kai sefa kake ƙirgawa, ita awoyi. Ba a Nijar kaɗai ba ne. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa a duniya mace na kashe awa 4 da minti 25 a yini kan aikin gida da reno marar biya, namiji kuma awa 1 da minti 23.

Na taɓa zama da wasu ma'aurata a Talaje da rigimarsu ta yi kama da taku, har maganar ta kai ga iyaye. Na ce kowa ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya yi wa gida, da lokacinsa, na kwana 3. Matar tana tashi ƙarfe 5, wani lokaci kafin haka idan da dare pampo ya kawo ruwa, don ta tara a bidoji. Daga nan dama koko, wankan yara, shirya jinjira, shara, har 7 da kwata. Da rana ta dawo ta ɗora tukunya, wajen awa 2. Daga magariba zuwa 9 da rabi girkin dare, wanke-wanke, duba littafin babban yaron, lallashin ƙaramar. Da aka haɗa, ya haura awa 7, ban da shayarwar tsakar dare da wankin Asabar. Takardar maigidan tana da sayen burodi, kai yaro lakwal a moto, da sauya gaz rana ɗaya. Bai cika awa 1 ba a yini. Ya daɗe yana kallon takardun nan biyu a kan tabarma, sai ya ce, «To ai ba ta taɓa cewa in yi ba.» Ita kuma ta ce, «Sai na ce?»

Wannan «sai na ce?» shi ne wurin da nake so ka tsaya. Yawan awoyi ba shi kaɗai ke gajiyar da mace ba. Aikin gida iri biyu ne: akwai mai jira, akwai marar jira. Takardar wuta tana jira zuwa gobe, gyaran ƙofa yana jira zuwa Lahadi. Yaron da ya ɓata wando ba ya jira, tukunyar rana ba ta jira, zazzaɓin ƙarfe 2 na dare ba ya jira. Al'adarmu ta tura kusan duk marar jira wajen mace, shi ya sa namiji ke iya zama fada bayan isha'i ya sha shayi har ruwa na uku, ita kuwa ko gaisuwar mutuwa sai ta lissafa wa za ta bar wa yara. Bayan wannan akwai aikin da ba ya fitowa a takarda, na riƙe abu a ka: sabulu ya kusa ƙarewa, takalmin wane ya matse shi, an ce a kawo kuɗin kaza a lakwal ranar Litinin. Ga gwaji mai sauƙi. Jinjirarku za ta cika wata 9 wata mai zuwa, lokacin allurar ƙyanda da ta shawara ke nan. Ka san ranar? Ka san inda karnen awonta yake? In amsarka a'a ce, to ka ga ɗaya daga cikin kayan da take ɗauke da su ita kaɗai.

Za ka ce addini fa? Ni ba malamar fiƙihu ba ce, amma abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba ɓoyayye ba ne. Risala ta ce idan miji na da yalwa, wajibi ne ya samar wa matarsa mai yi mata hidima. Muhtasar ya ce in ba haka ba, hidimar cikin gida irin kwaɓa, shara da shimfiɗa tana kanta, amma ban da saƙa da kaɗi, wato aikin da ke kawo kuɗi. A Buhari kuma, da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) ke yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Don haka kyauta mata da ka yi na barin albashinta ba alfarma ba ce da za a biya da wanke-wanke, haƙƙinta ne. Abin da ke riƙe hannun yawancin maza ba nassi ba ne, bakin mutane ne: kar a ce mijin tace, kar a ce ta shanye shi. Kuma in faɗi gaskiya, sau da yawa mata ne ke fara faɗa. Na ga uwar miji ta zo daga ƙauye ta tarar da ɗanta yana goge wa yaro hanci, ta kwana ba ta ci tuwon gidan ba.

Saboda haka ba na ce wa namiji ya fara da tukunya a tsakar gidan haya, inda maƙwabta 5 ke kallo. Mutumin Talaje ga abin da ya ɗauka. Da ya dawo sallar asuba, wankan yaran biyu manya da sa musu kaya da ba su abin kari nasa ne, ya kai su lakwal. Tara ruwa nasa ne, ko ya tashi da dare ko ya yi ciniki da garuwa. Cefanen mako ya koma hannunsa ranar Asabar, da lissafin abin da ya ƙare. Duba karatun yaro bayan magariba nasa ne, sannan ya tafi fada. Da aka sake rubutawa bayan wata guda, kusan awa 2 ta sauka daga takardar matar. Ba a yi rabi da rabi ba, ita ma ba ta nema ba. Abin da ya sauya shi ne safiya, lokacin da ayyuka 4 ke neman mutum ɗaya a tare.

Inda irin wannan shiri ke lalacewa shi ne kalmar «taimako». Mai taimako yana jira a kira shi, kuma ran da bai ga dama ba babu mai tuhumarsa. Idan ka ɗauki wankan safe, ka ɗauke shi da sabulunsa, da sanin inda kayan lakwal suke, da tuna cewa ba a wanke su ba tun dare. In har kullum sai ta tashe ka, ta miƙo maka soso, ta nuna maka riga, to ba ka rage mata aiki ba, ka ƙara mata mai aiki da za ta sa wa ido. Alamar cewa abu ya zama naka ita ce ran da aka manta shi, kai yaro zai zo yana tambaya. Ita ma Madam da nata: in ka sa wa yarinya riga a baibai, ta kau da kai, kar ta karɓe ta ce «kawo, ba ka iya ba». Maza da yawa a nan suke samun ƙofar fita, kuma da murna suke fita.

Na san shawarar da abokai za su ba ka: ka ɗauko ƴar aiki, ko a aiko maka yarinya daga gida. In babba ce, da albashi tsayayye da ranar hutu, wannan hanya ce mai kyau ga wanki da shara, kuma ta yi daidai da abin da Risala ta faɗa. Amma yarinya ƴar shekara 11 da aka cire daga lakwal a ƙauye don ta goyi ƴarka, aikin bai ragu ba, an dai sauke shi kan wadda ba ta da bakin magana. Haka kuma idan mai shekara 7 ɗin nan mace ce, ka lura wa ake aika ɗauko tsintsiya, wa ake bari ya tafi ƙwallo.

Game da jinjirar, shayarwa ba mai karɓar mata, amma abin da ke kewaye da ita ana karɓa. In ta farka da dare ta sha, kai ka saɓa ta a kafaɗa har ta yi gyatsa ta koma barci, ko da dare 2 ne a mako, waɗanda ake wayar gari Asabar da Lahadi, da ba ka da fitar sassafe. Kuma yau ka ce a nuna maka karnen awon, ka duba ranar da aka rubuta, ka nemi izini wurin aiki tun yanzu, domin a yawancin likitocin unguwa da safe ake allura, lokacin da Madam ke gaban allo.