Shekara 6 ba ma magana da yayana kan gado, me zan rubuta masa?

Assalamu alaikum Gwaggo. Mu biyar Baba ya bari, maza biyu mata uku. Yayanmu ya sayar da gidan bai shawarci kowa ba, ya ce bashin Baba ya biya, ya miƙo mini abin da ya ga dama. Da na tambaya sai ya ce idona ya rufe da kuɗi. Ni, Gwaggo! Ni da na yi jinyar Baba har ya cika a hannuna. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, wannan maganar ce. Shekara 6 ke nan ko gaisuwa babu. Mama a wurinsa take, sai na tabbatar ba ya nan nake kiranta. Yanzu na rubuta masa saƙo, na fara da "Na yafe maka duk abin da ka yi mini", na jero abin da ya faru don ya tuna, amma na kasa turawa. Shi ya sayar, shi ya zage ni, kuma ni ce zan fara? Wai idona ya rufe da kuɗi. In tura ko in bari?

Ƙanwarsa

Wa alaikumus salam 'yata. Ɓangare ɗaya na ji, don haka ba zan yanke hukunci tsakaninku ba. Amma akwai wadda kika ambata a layi ɗaya kika wuce: Mama. Tsohuwa tana jiran ɗanta ya fita kafin ta ji muryar 'yarta, ita ce ta fi ku biyan kuɗin wannan gabar. Kuma duk laifin yayanki, shi yake riƙe da ita tsawon shekarun nan. Wannan kaɗai ya isa ki fara. Annabi (SAW) ya hana mutum ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, ya kuma ce mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama.

Wancan saƙon dai kar ki tura shi. Mutumin da yake ganin bai yi laifi ba, idan ya karanta "na yafe maka", abin da zai ji shi ne "kai azzalumi ne", sai ya zauna ya rubuto nasa jerin. Akwai kuma haɗari na biyu: kin ce kin yafe "duk", a rubuce. Gobe idan kika nemi lissafi, wannan saƙon za a nuna miki. Yafe zagi daban, yafe rabon gado daban, kuma ban ga alamar kin yanke shawara kan na biyun ba.

Ki taƙaita shi kamar haka: "Assalamu alaikum Yaya, ni ce ƙanwarka. Ya gida, ya jikin Mama? Shirun nan ya yi tsawo, ban ji daɗinsa ba. Ina so in zo in gaishe ku, yaushe kake gida?" Ki sa sunanki, ƙila ya goge lambarki. Ki tura masa kai tsaye, kar ki bi ta hannun matarsa ko zauren 'yan'uwa na waya, inda zai amsa don idon jama'a. Idan ya yi shiru, ki bar shi wasu makonni ki sake sallama, ba tare da "na ga ka karanta" ba. Mama kuwa ki je ki gan ta ko ya amsa ko bai amsa ba.

Maganar gida sai an zauna, da babba ɗaya da ku duka kuke jin nauyinsa. Yayanki ya yi daidai a abu ɗaya: bashi yana gaba da rabo. Ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Idan Mama ce kaɗai matar Baba kuma iyayensa sun riga shi rasuwa, sauran kashi 8 za a yi: tumuni, wato kashi 1, na Mama, maza biyu kowa kashi 2, ku mata uku kowa kashi 1. Tambayarki ke nan a zaman: nawa aka sayar, wa aka biya, nawa ya rage? Idan abin da kika karɓa ya kai ɗaya bisa takwas na ragowar, ba a ci haƙƙinki a rabon ba, saura zagin da kuma sayarwa ba shawara.

Ku kuma manyan 'ya'ya da kuke karantawa, girma ba ya ba ku ikon sayar da kayan gado ku kaɗai. Tun ranar rasuwa kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, har autar mata. Ku tara su kafin ciniki, ku rubuta bashin da sunan masu shi, kowa ya gani ya sa hannu. Ƙanwar da ta nemi ganin lissafi ba ta yi rashin kunya ba, kuma yayan nan yana da haƙurin da zai ba ta.